Na jera nasarori tara a takardar neman tallafin karatu, an ce min CV na sake rubutawa

Assalamu alaikum Malam. Ina neman tallafin karatun digiri na biyu a waje, fannin adana amfanin gona da sarrafa shi bayan girbi. Sun ce in rubuta personal statement da bai wuce kalma 500 ba. Na sa cewa na gama injiniyancin noma a ABU Zariya da maki 4.3, na yi wakiliyar aji shekara biyu, na riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenmu, na ci gasar muhawara, ina da satifiket biyu na kwamfuta, na koyar da lissafi lokacin bautar ƙasa, kuma ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. A ƙarshe na sa furojet ɗina na akwatin busar da tumatir da zafin rana. Na bar shi ƙarshe ne don bai yi kyau ba: kilo 10 kawai yake ɗauka, da damina ta faɗi kuma tumatirin ya yi funfuna. Na yi shi ne saboda mahaifiyata 'yar gwari ce a Bakin Dogo. Wanda ya duba min ya ce CV na sake rubutawa. Yaya zan gyara?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wanda ya duba miki ya faɗi gaskiya, kuma gyaran yana cikin saƙonki. Abin da kika ɓoye a ƙarshe saboda kunya, akwatin da ya yi funfuna da sana'ar Mama, shi ne takardar. Sauran takwas ɗin, wasu za su shigo su yi masa hidima, wasu kuma su koma CV inda suka fito.

Fara da tunanin wanda zai karanta. Kafin ya iso kan rubutunki ya riga ya ga fom ɗinki, ya ga sakamakon jarabawa, ya ga CV. Maki 4.3 yana gabansa tun shafin farko. Kuma kusan duk wanda takardarsa ta kawo wannan matakin yana da maki mai kyau, ya taɓa riƙe wani muƙami a makaranta, ya yi bautar ƙasa. In kika sake jera waɗannan, kin kashe kalma 500 wajen gaya masa abin da ya sani, kin kuma yi kama da mutum ɗari da ya karanta kafin ke. Tambayar da ta rage masa, wadda babu takardar da ta amsa, ita ce: me ya kawo wannan yarinya ga wannan karatu, me ya sa yanzu, kuma in mun kashe kuɗinmu me zai canza? Labarin da ake nema amsar wannan ce. Ba tarihin rayuwa ake so daga haihuwa ba. Hujja ce da aka jera bisa yadda abubuwa suka faru, kowane abu yana haifar da na gabansa.

Ga gwajin da zai nuna miki bambancin da idonki. Ɗauki rubutun da kika yi, ki karanta shi da Hausa a bakinki, ki lura da kalmar da ke haɗa jimla da jimla. Za ki ji "sannan kuma" ce daga farko har ƙarshe: na yi wakiliyar aji, sannan kuma na ci muhawara, sannan kuma na koyar. Za ki iya ɗauke ta uku ki mayar da ita ta farko ba abin da ya lalace. Wannan ita ce alamar jeri. A labari, kalmomin haɗi su ne "shi ya sa" da "amma". Mama tana zubar da tumatir, shi ya sa na ƙera akwati, amma ya yi funfuna, shi ya sa na gane abin da ban sani ba, shi ya sa nake neman wannan kwas. Nan ba ki isa ki sauya wa jimla ɗaya wuri ba, ginin zai rushe. Duk nasarar da kika kasa ɗaura ta da ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu, ba tata ba ce wannan takarda, komai kyanta.

To mu bi taran nan da wannan ma'auni.

Satifiket biyu na kwamfuta su fita, sai fa in da ɗaya daga cikinsu kika yi amfani wajen lissafin zafi da laimar akwatin, to sai ya samu rabin jimla. Gasar muhawara ta fita. Wakilcin aji ya fita, domin muƙami ne kawai, bai nuna abin da kika yi da shi ba. Na san da ciwo, shekara biyu kika yi kina fama da jama'a, amma yana nan a CV ba wanda ya goge shi. Makinki ya samu 'yan kalmomi a cikin wata jimla, kada ya samu sakin layi.

Biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Ma'ajin ƙungiya yana iya shiga in har riƙe kuɗin mutane ne ya koya miki yin lissafin abin da akwatin ya ci da abin da 'yar kasuwa za ta iya biya. Koyarwa, ta bautar ƙasa da ta Islamiyya, tana iya shiga a matsayin abu guda, a wurin da za ki faɗi abin da za ki yi in kin dawo: wadda ta saba tsayawa gaban aji ita ce za ta iya koya wa matan kasuwa aiki da na'ura. Amma sharaɗin shi ne ya zama gaskiya. In haɗin na dole ne, mai karatu zai ji ɗinkin, gara ki bar su.

Kin ga daga tara an dawo uku ko huɗu. Wurin da ya samu shi za ki cika da abin da CV ba ya iya ɗauka.

Kafin ki rubuta komai, akwai aikin ƙafa. Je ki zauna da Mama da biro da takarda. Kwando nawa take sara a mako? A ciki kashi nawa ke lalacewa kafin a sayar? A wane wata abin ya fi muni? Me take yi da wanda ya fara laushi, karya farashi take yi ta sayar wa masu abinci, ko shanyawa take yi ta yi kauɗa, ko bola? Sannan ki buɗe furojet ɗinki ki ciro lambobin da ke ciki: nawa kika kashe, kwana nawa yake ɗauka kafin ya bushe, zafin cikin akwatin ya kai nawa da tsakar rana, a wane wata kika gwada, a rana ta nawa funfunar ta fito. Waɗannan lambobi ƙanana ne, amma naki ne, ba wanda zai zo da irinsu. Sun fi miki amfani a kan alƙaluman asarar amfanin gona na ƙasa baki ɗaya da kowa ke kwafowa daga intanet ya buɗe takardarsa da su. In mai karatu masanin fannin ne, ya ga waɗancan sau ba adadi, wani lokaci ma ya san ba su da tushe mai ƙarfi.

Kalma 500 kuwa ga yadda zan raba ta. Kamar 70 ga buɗewa, wato matsalar a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Kamar 130 ga abin da kika yi da hannunki. Kamar 90 ga inda abin ya tsaya da abin da kika gane. Kamar 110 ga kwas ɗin da dalilin zaɓensa. Ragowar 100 ga abin da za ki yi bayan dawowa. Ki lura, kusan rabin takardar gaba take kallo. Mafi yawan masu nema suna cinye 400 a kan abin da ya wuce, su ƙare da jimla biyu ta "zan dawo in taimaki ƙasata", alhali mai ba da tallafi gaban yake saye da kuɗinsa.

Bari in nuna miki yadda ukun farko za su iya zama. Da Hausa zan rubuta, lambobin da ban samu daga gare ki ba kuma misali ne, ki sa naki na gaskiya.

"Mahaifiyata tana sayar da tumatir a kasuwar Bakin Dogo a Kaduna. A watan Maris, lokacin da na fadama ya cika kasuwa, takan sari kwando biyar a mako, kusan guda kuma yakan ruɓe kafin ya samu mai saye. Aikina tun ina sakandare shi ne tsince mai laushi da yamma. Da na kai aji biyar a injiniyancin noma, wannan kwandon na zaɓa ya zama furojet ɗina."

Kin ga ba a ce "tun ina ƙarama nake sha'awar noma" ba. Ba a kawo maganar wani shahararren mutum ba, ba a fassara wa farfesa ma'anar noma ba. Akwai wuri, akwai wata, akwai adadi, akwai ke a ciki kina wani aiki. Digirin ma ya shigo ba tare da an yi masa shela ba. Sai na biyu:

"Na zana akwatin busarwa mai aiki da zafin rana, na kai wa wani mai walda zanen, muka haɗa shi da kwano da gilashi da raga. A watan Fabrairu ya busar da kilo 10 na yankakken tumatir cikin kwana uku, ba ƙura ba ƙuda, launinsa ja saɓanin kauɗar da ake shanyawa a ƙasa. Na kai shi rumfar mahaifiyata, mata huɗu suka gwada."

Sai wurin da kike jin kunyarsa, wanda shi ne ƙashin bayan takardar:

"A watan Yuni na sake gwadawa, a rana ta biyu funfuna ta fito. Na tsara akwatin ne da iskar rani a raina. Tumatir fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, kuma iskar damina mai laima ba ta iya kwashe wannan ruwa da sauri in ba a tura ta da fanka ko an ƙara mata zafi ba, da dare ma abin da ya fara bushewa sake jan laima yake yi. Matan kuma suka nuna min kuskure na biyu: kilo 10 bai kai abin da ɗayarsu ke asara a mako ba, don haka akwatin ba zai mayar da kuɗinsa ba. Na iya ƙera akwati, amma ban iya lissafin tafiyar iska da laima a cikinsa ba, ban kuma iya auna girman da zai biya 'yar kasuwa ba."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ƙofar da kwas ɗin zai shigo ta cikinta. Wanda bai taɓa kaiwa iyakar iliminsa ba, ba shi da hujjar neman ƙari. In kika rubuta cewa komai ya tafi daidai, mai karatu yana da damar tambaya: to me za ki je koyowa? Abin da ake gudu shi ne gazawar da ba a fahimta ba, ko wadda aka ɗora wa wani. Kada ki ce ba a ba ku kayan aiki ba, kada ki ce mai duba furojet ɗin bai taimaka ba, ko da haka ne. Faɗi abin da ya faru, dalilinsa a kimiyyance, da abin da ya nuna miki, sai ki wuce. Jimla huɗu ko biyar sun isa.

Sakin layi na huɗu shi ne inda ake gane wanda ya yi bincike da wanda ya aika takarda ɗaya wuri goma. Buɗe shafin kwas ɗin a intanet, ki duba jerin darussan da za a koyar, ki zaɓi biyu da suka dace da giɓi biyun da kika ambata: ɗaya a kan busarwa ko sarrafa zafi da laima, ɗaya a kan tattalin arzikin kasuwancin amfanin gona. Rubuta sunayensu daidai yadda suke a shafin, kowanne ki ɗaura shi da matsalarsa. Ki tabbata ana koyar da su a shekarar da za ki shiga, domin jami'o'i suna sauya darussa. Yabon jami'a, cewa ta yi fice a duniya ko tana da ƙwararrun malamai, ɓarnar kalmomi ne, sun san kansu. Gwajin wannan sakin layi mai sauƙi ne: goge sunan jami'ar ki sa na wata. In har maganar ta zauna daram, ba ki ce komai ba tukuna.

Na biyar kuma, ki rage buri ki ƙara bayani. "Zan kawo ƙarshen asarar tumatir a Arewa" ba wanda zai yarda, ke ma ba ki yarda ba. Abin da ake iya gaskatawa shi ne irin wannan: a shekarar farko bayan dawowa za ki sake ƙera akwatin da fanka mai aiki da hasken rana, a girman da zai ɗauki kwando guda, ki gwada shi rani da damina tare da matan da suka gwada na farko, bayan nan ki nemi masu walda a Panteka su riƙa haɗa shi da kayan da ake samu a gari, ke kuma ki koyar da amfani da shi, a nan ne koyarwarki ta bautar ƙasa da Islamiyya za ta shigo da jimla ɗaya. Ambaton Panteka kaɗai yana nuna kin san inda ake ƙera abu a Kaduna. In kina da niyyar koyarwa a jami'a ko aiki da wata cibiyar bincike, faɗi, amma kada ki ce wata hukuma ta yi miki alkawarin aiki in ba ta yi ba. Jimlar rufewa ta koma kan kwandon Mama da kika buɗe da shi, a taƙaice, ba tare da wa'azi ba.

Akwai ramuka biyu da masu gyara irin wannan suke faɗawa, kuma duka biyun sun fi kama mu nan.

Na farko, da zarar an ce wa mutum "ba da labari" sai ya koma labarin tausayi: talauci, maraici, tafiya makaranta a ƙasa ba takalmi. Sana'ar Mama ta shigo takardarki ne don ita ce tushen tambayar da kike bincike a kai, ba don a ji tausayinki ba. In tallafin yana da wurin bayanin halin rashin kuɗi, to can za a yi wannan magana, da lambobi. A nan, duk jimlar da ta nuna abin da ya same ki, a samu biyu da suka nuna abin da kika yi.

Na biyu shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, sai mu ɓuya a bayan "muka": muka tsara, muka gwada, aka samu nasara. Mai karatu ba ƙungiya zai ba tallafi ba, ke zai ba, kuma yana so ya san wane ɓangare ne hannunki. Mafita ita ce ki bar sifa ki kama aiki. Cewa "ni haziƙa ce mai ƙwazo da jajircewa" shi ne yabon kai, kuma ba ya gamsar da kowa. Cewa "na zana, na auna, na kai kasuwa" ba da rahoto ne. Inda aikin na taro ne ki ce na taro ne, ki fayyace naki. In ku uku kuka yi furojet ɗin, kada ki mayar da shi naki ke kaɗai, domin malamin da zai rubuta miki wasiƙar shaida ya san gaskiya, kuma in maganarku ta saɓa ke ce za ki faɗi. Saboda wannan ma, ki tura masa rubutunki kafin ya rubuta tasa, ki roƙe shi ya taɓo akwatin. Nasarorin da kika cire, kamar wakilcin aji, sun fi daɗin ji a bakinsa.

Wani abu a gefe: ba kowane tallafi ne ke neman takarda guda ba. Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tambayoyi huɗu take yi, kowace da akwatinta: jagoranci, ƙulla hulɗa da mutane, dalilin zaɓen karatun a Birtaniya, da shirin aiki bayan dawowa. Tana kuma neman ƙwarewar aiki ta awa 2,800, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu. A irin wannan, muƙamin ma'aji da kika cire yana iya samun wurinsa a tambayar jagoranci, muddin za ki ba da abu ɗaya da ya faru, ba sunan muƙamin kawai ba. Commonwealth kuma, wato tallafin karatu na ƙasashe renon Ingila, ta fi matsawa a kan amfanin da karatun zai yi wa ci gaban ƙasarki, don haka sakin layi na biyar ne zai faɗaɗa. Zaren labarin ɗaya ne, rabon ne ke sauyawa. Inda kuma zaren bai dace ba, kamar PTDF, asusun gwamnatin Najeriya mai ba da tallafin karatu da ya fi karkata ga man fetur da gas, kada ki lanƙwasa tumatir ya zama fetur don a ɗauke ki.

Wajen rubutawa, kada ki fara da Turanci kina ƙirga kalmomi. Ɗauki waya ki naɗi muryarki kina ba wata ƙawa labarin akwatin da Hausa, minti uku. Abin da kika faɗa a nan yakan fi abin da za ki rubuta tsari, domin baki ba ya jera satifiket. Daga nan ki rubuta da Turanci mai sauƙi ba tare da damuwa da tsawo ba, ko ya kai kalma 800. Ajiye shi kwana biyu, sannan ki yanke. Abin da zai fara tafiya shi ne sifofi, da jimlolin da ke sanar da abin da za a faɗa, da duk inda kika maimaita CV. Ki tsaya a wajen 480, domin yadda Word ke ƙirga kalma da yadda akwatin fom ke ƙirgawa sukan ɗan bambanta, wasu fom ɗin ma haruffa suke ƙirgawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ki duba wanne ne naki tun kafin daren rufewa.

In kin gama, ba wa wanda bai san fanninki ba ya karanta sau ɗaya, ki karɓe takardar, ki ce ya faɗa miki a jimla biyu wace ce wannan da abin da take so. In ya ce "wata ce mai ƙoƙari da ta yi abubuwa da yawa", jerin bai mutu ba, koma kan "shi ya sa" da "amma". In ya ce "'yar mai tumatir ce da akwatinta ya yi funfuna da damina, tana so ta koyo yadda za ta gyara shi", to ya zauna. Mai gyara miki Turanci ya tsaya kan nahawu da rubutun kalmomi, kada ya sauya miki jimloli zuwa manyan kalmomin da ba ki amfani da su, domin in aka kira ki intabiyu daga cikin takardar nan za a ciro tambayoyi. Wanda ya karanta cewa funfuna ta fito a rana ta biyu yana iya tambayarki nawa ne zafin cikin akwatin a ranar, da irin fankar da kike tunanin sawa, don haka ki riƙe kwafin furojet ɗin kusa ki sake bitar babin sakamako kafin ranar.